Bidiyon Sallar da Safoura Ta Ƙi Saka wa Lokaci

Ina tsaye kan tukunyar kunu bayan La'asar, a cikin goman ƙarshe na azumi, Tassiou direba ya shigo gidan. Shi ne ke kai mana abinci gonaki, kuma kullum da tsokana yake shigowa. Ran nan ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Rahamatou, sai haƙuri," in ji shi. "Daga asibiti nake. Safoura ta cika."

Na yi salati, na zauna a ƙasa da muciya a hannuna. Ban kai ga kuka ba wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Na ɗauka 'yan uwanta ne daga Tawa. Da na taɓa, sai muryarta ta cika tsakar gidan, garau, har da 'yar dariyar nan tata:

"Mutanen Sabha, ya ibada? Mai son kunu da ƙosai ya faɗa yanzu. In Magariba ta gabato ba na ɗaukar waya, ko ta uwata ce."

Tassiou ya ja da baya har ya bugi ƙyaure. Ni kuwa na san abin da ya faru. Tun kafin a kwantar da ita ta jera saƙonninta na watan a shafinta na Fesbuk, kowane da ranarsa da lokacinsa. Na'ura ba ta san mutuwa ba. Lokaci ya yi, ta sake shi.

Bari in faɗa muku wace ce ita, don da yawanku muryar kawai kuka sani.

Safoura Mounkaila mutuniyar Tawa ce, a Nijar. Ta tsallako hamada ta zo Sabha, nan ƙasar Larabawa, tare da mijinta, magini, wanda katanga ta faɗo masa ya rasu tun ba su daɗe ba. Aka ce ta koma gida, ta ce da me za ta koma, da hannu biyu? Wani ɗan kasuwa daga ƙasarmu, Alhaji Soumana, mai shagon atamfa da takalma da dabino, ya ba ta ɗaki a bayan shagonsa da wurin kafa murhu. Ta fara da dambu da kunu da ƙosai. A can na same ta, na zama mai taya ta, daga baya na zama aminiyarta.

Alhaji ne ya buɗe shafin farko don shagonsa, amma ya kwana biyu ba mai leƙawa, don hoton takalmi ba ya magana. Safoura ta karɓa. Ta san yawancin mutanenmu ba sa karatu, sai ta daina rubutu, ta koma ɗaukar bidiyo tana magana kamar tana hira da maƙwabta. Ta nuna dambu, ta nuna atamfar Alhaji, ta faɗi inda ake neman masu aiki, ta yi cigiyar wanda danginsa suka daina jin ɗuriyarsa. Kafin shekara ta zagayo, maginan cikin gari da masu ban ruwa a gonakin Samnu da masu hawan dabino a Ghuddwa duk suna binta, haka danginsu da ke gida.

Saka wa saƙo lokaci ta koya ne don dole. Wuta a garin nan ba ta da alƙawari, rezo, wato sabis ɗin waya, shi ma haka, ga hannunta kullum cikin ƙullu. Da ta gano ana iya ɗora bidiyo a zaɓa masa rana da awa, ya fita da kansa ko wayarka a mace take, sai ta ce an yi mata kishiyar kirki. Amma a azumin farko wannan dabara ta ƙone ta.

Ta ɗauki bidiyo tana riƙe da dabino tana cewa, "An sha ruwa, bismillah," ta saka masa lokacin Magaribar Sabha. Ya fita daidai. Abin da ba ta lissafa ba shi ne rana na faɗuwa a nan tun Tawa na da sauran haske. Gwaggonta, tsohuwa mai raunin ido, tana kwance a ɗaki, aka kunna mata muryar Safoura. Ta yi bismilla ta ci dabinonta, ta kora da ruwa. Tana cikin hamdala ta ji ladanin unguwarsu ya ɗaga murya.

Washegari tsohuwar ta kira.

"Ke 'yar nan, kin ci mini azumi guda. Zan rama, amma ki sani yunwar a wuyanki take."

Da dariya ta faɗa, Safoura kuwa ba ta yi dariya ba. Daga ranar duk maganar da ta shafi lokaci sai ta fara da "Mutanen Sabha", kuma ba ta ƙara saka wa shan ruwa lokaci ba har ta bar duniya.

Daga nan ta zama mai tsanani. Kowane mako sai ta leƙa takardar lokutan salla da ke manne a ƙofar masallaci, ta dawo ta matsa saƙonninta gaba ko baya. Takan ce, "Na'ura agogo take bi, ladan rana yake bi. Su biyu ba su taɓa shiri ba." Ba ta yarda bidiyonta ya faɗo aljihun mutum yana cikin sahu. Ranar Juma'a shafin shiru yake tun hantsi har a sauko. Da azumi ba hoton abinci da rana, sai murya bayan La'asar don masu oda. Tallar atamfa sai an idar da asham, lokacin da gari ke farkawa, kasuwa ta cika, kowa ya jingina da waya a hannu. Tsarin bara ba ya yi wa bana aiki, tunda azumi kullum matsowa yake. Babbar Sallah ba ta ba ta wahala, don da an tsayar da watan an san ranar, sai ta jera kayanta ta huta. Ƙaramar Sallah ce ba ta yarda da ita ba. Takan ɗauki bidiyon gaisuwa tun da wuri, ta ci kwalliya, ta ce, "Mutanen Sabha, an ga wata, gobe Sallah," amma sai ta ajiye shi ba rana ba awa. Sai an sanar, sai ta ga abin da limamin unguwa ya yi, sannan ta danna da hannunta. Ƙasar nan ma an taɓa raba Sallah biyu, gabas daban yamma daban, balle tsakaninta da Nijar.

Ba don tsabar tsoron kunya take haka ba. Ta san wanda ke cikin gona a bayan Ghuddwa ba ya jin ladan, ba ya gane Larabcin talabijin, mai gonar kuma yana gari wurin iyalinsa. Ya hau kan tudu ya ɗaga waya, abin da muryar Safoura ta ce shi ne nasa.

Shekarar da suka raba gari da Alhaji, ranar ashirin da tara ga watan azumi ce. Muna gyaran wake ya leƙo da kalanda a hannu.

"Safoura, bidiyon nan na Sallah, saka masa lokaci. Ana idar da Magariba ya fita."

"An ga wata ne, Alhaji?"

"Za a gani. Ga kalanda. Na kuma yi waya da malamina a gida, ya ce lissafi ya nuna."

"To a bari lissafin ya fito sama mu gan shi."

"Kin san daren Sallah rezo toshewa yake. Bara sai da shagon Sama'ila ya riga mu, mutane suka kwashe masa takalma mu muna hamma. Ga kaya na tara har rufi."

"Alhaji, tallar takalma zan saka maka guda uku in kana so. Ita ba ta karya azumin kowa."

"Ni da shafina?"

"Shafinka ne. Muryar tawa ce."

Ya fita yana huci. Na ce mata, "Ƙawata, ki sassauta, a inuwarsa muke." Ta ce, "Inuwar da za ta sa in yi wa mai azumi ƙarya, gara rana."

Alhaji shi ne babban admin, yana ganin duk abin da ta ajiye. Ya koma shago ya saka wa bidiyon lokaci da kansa. Bayan La'asar ta goge hannu ta duba jerin abin da zai fita, kamar yadda ta saba, sai ta gan shi zaune a layi. Ba ta tsaya cire lokacin kawai ba, ta san zai mayar. Ta goge bidiyon daga shafin, ta goge shi daga wayarta. Kwalliyar da ta ɓata rabin wuni tana yi, da lallen da na zana mata, duk suka tafi. Sannan ta ɗauki mayafi ta shiga shagon ta gaya masa da bakinta, gaban masu ciniki.

Aka sha ruwa. Can wajen Isha'i waya ta fara ruri ta ko'ina, an ga wata a Nijar. Alhaji ya shigo da wayarsa sama kamar tuta.

"To malama mai ilimin taurari! Ga shi an gani. Tashi ki sake ɗauka."

"A ina aka gani?"

"A gida mana! Mu 'yan ina ne?"

Ta ɗaga yatsa ta ce, "Saurara."

Daga lasifikar masallacin unguwa liman ya tada asham. Kowa ya san ma'anar wannan: ba a sanar a nan ba, gobe Sabha na da azumi.

"Kana ji, Alhaji. In kana so in ce Nijar ta ga wata, barka da Sallah ga na gida, mu nan sai jibi, yanzu zan ɗauka, ko kwalli ba sai na sa ba."

"Wa zai fito sayen takalmi don Sallar jibi?"

"Wanda ke da ƙafa."

Wani cikin masu jiran kunu ya tuntsire da dariya, wannan dariyar ce ta ƙarasa ɓata abin. Alhaji ya ce in ba za ta faɗi abin da ya ce ba, ta bar masa shafinsa da ɗakinsa. Ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka yi mini sutura ranar da ba ni da kowa, ban manta ba, Allah ya saka maka. Amma ban sayar maka da azumin mutane ba, don ba nawa ba ne. Rahamatou, kama mini tukunyar nan."

Ban ce Alhaji mugu ba ne. Mutum ne da kaya suka yi wa yawa, kuma har zuciyarsa yana ganin in gida ta yi Sallah shi ma ya yi. Akwai masu bin gida, wannan tsakaninsu da malamansu. Abin da Safoura ta ƙi shi ne a ce wa mutumin da ke cikin gona Sabha ta ga wata alhali ba ta gani ba.

Muna loda tukwane a motar Tassiou, Alhaji ya cire ta daga shafin. Muna hanya ya ɗora hoton takalma da kiɗa, da rubutu manya: an ga wata, gobe Sallah. Shafin da ta raina shekaru, da dubban mutanen da ke cikinsa, ya fita daga hannunta tana zaune kan buhun gawayi a bayan mota. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe WhatsApp, ta shiga aika murya ga duk lambar da take da ita: "Ni ce Safoura. Gobe akwai azumi a Sabha. Ku yi sahur. Wanda ya ji ya gaya wa na kusa da shi." Har muka isa ɗakina a unguwar Gurda tana maimaitawa, muryar ta dushe.

Wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Da hantsi wata motar gona ta shigo daga Ghuddwa cike da mutanenmu, sun yi wanka, sun sha shayi, sun sa sababbin riguna, suna neman filin Idi. Suka tarar da gari a rufe, kowa da busasshen baki. Babbansu, Mamadou, wani dattijo mai hawan dabino, ya nemi inda muke ya zo ransa a ɓace.

"Haba Safoura. Da girmana kin sa na ci abinci da rana tsaka a cikin azumi."

"Baba Mamadou, ka ji muryata?"

Ya ce, "Yaran ne suka karanta mana. A shafinki."

"Na ce ka ji muryata?"

"A'a."

"To daga yau ka riƙe wannan. In ba ka ji na ce da bakina ba, ban ce ba."

Ya daɗe yana kallon sabuwar rigarsa. Sannan ya ce, "Sai ki buɗe wani, mu san inda za mu same ki."

Ta buɗe a ranar, da sunanta. Mutum na farko da ya bi shafin ni ce, na biyu Tassiou, na uku Baba Mamadou, wanda sai da aka danna masa. Ba zan ce kowa ya dawo ba. Har ta rasu sabon shafin bai kamo tsohon ba, murhunmu kuma a lungu yake, hayaƙi na damun maƙwabta. Mun sha wuya a shekarar, akwai ranakun da ƙosan da ya kwana shi ne abincinmu. Sau biyu Alhaji ya aiko a ce ta dawo, sau biyu ta ce a gaishe shi. Amma kowane daren ganin wata, na azumi ko na Sallah, wayarta ba ta hutawa. Daga Samnu, daga Ghuddwa, tambaya ɗaya: "Safoura ta yi magana?"

Ciwon ƙoda ya daɗe yana cinta tana ɓoyewa. Da Sha'aban ya raba, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ta san za a kwantar da ita. Sai ta sa na jingina ta da bango, na riƙe mata waya, ta ɗauki saƙonnin watan gaba ɗaya, tana canza ɗankwali don kada a gane rana ɗaya ce. Ba ta saka wa ko ɗaya lokaci ba sai da aka sanar da tsayuwar wata. Daren nan ta jera su, tana duba takardar masallaci tana matsa mintoci. Ta sa ni admin, ta nuna mini inda komai yake.

Wajen zaman makoki maganar ta tashi. Mata suka ce muryar na firgita yara. Alhaji Soumana ya zo, ya yi addu'a mai tsawo, idonsa ja, na kuma yarda hawayen gaskiya ne. Da zai tafi ya kira ni gefe.

"Rahamatou, a tsayar da abin nan. Mamaci ba ya tallar ƙosai."

"Ƙosan ni ke soyawa, Alhaji, kuma ana saye."

"Ba kyau. Mutane za su yi magana."

"Na sanar da rasuwarta a shafin da bakina, kowa ya sani. Na tambayi liman, ya ce ba laifi. Ita ta jera su, ba ta kuskure salla ko ɗaya ba. Wanda muryar ke damu ya daina bi."

Tassiou na tsaye kusa, ya ce, "Alhaji, a bar ta ta ƙarasa watan da mu."

Haka aka yi. Kullum bayan La'asar ta tambayi masu oda, bayan asham ta tsokani masu barcin sahur. A ƙarƙashin kowane bidiyo, maimakon oda, addu'a ta fi yawa. Ran ashirin da tara ta yi maganar La'asar, daga nan layin ya ƙare. Ba abin da ya rage sai bidiyo ɗaya a ajiye, ba rana ba awa.

Da aka sha ruwa waya ta fara. Wani ya ce an gani a wata ƙasa. Wani ya ce kalanda ta nuna. Wata 'yar uwarta daga Tawa ta ce in saki mana, su ga fuskarta. Na ce a'a, na kuma ce a'a, har na gaji na kife wayar. Na zauna a bakin ƙofa ina sauraron masallaci. Aka yi Isha'i. Shiru ya ɗan yi tsawo, sai liman ya ɗauki lasifika ya sanar, kabbara ta tashi, masallacin gaba ya amsa. Na tura Tassiou ya je ya ji da kunnensa, ya dawo ya ce haka ne. Sannan na danna. Ta fito da ɗankwalinta shuɗi, fuskar ta faɗa amma idon na nan, ta ce, "Mutanen Sabha, an ga wata." A nan ne kukan da na riƙe tun ranar La'asar ɗin ya ƙwace mini.

Ganina da ita na ƙarshe kwana ɗaya ne kafin rasuwar. Na kai mata kunu ba ta iya sha ba. Ta ce in matso, ta karɓi wayata ta duba jerin, ta ce na La'asar ya kusa shiga salla, in matsa shi. Na matsa. Ta nuna bidiyon ƙarshe da yatsa.

"Wannan kada ki yarda kowa ya sa ki saka masa lokaci."

"Ke za ki danna abinki, ƙawata. Kafin Sallah kin fito."

"Rahamatou, bar zancen likita. Ko Alhaji ya zo da kuka, ko Tawa duka ta kira ki."

"To in rezo ya ɗauke fa? In aka riga mu?"

Ta yi 'yar dariya, ta riƙe hannuna.

"A riga mu. Wata ba ya gudu. Ki ji liman da kunnenki, sannan ki bar ni in yi magana."

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "To je ki, ƙullunki zai yi tsami."